Yadda Ake Ƙidayar Abin da Ba Ya Yawan Faruwa: Tsarin Poisson da Tushensa

Akwai wata irin ƙidaya da ke rikita ma'aikata ko da sun ƙware a aikinsu. Ɗakin haihuwa yana karɓar mata uku a dare idan aka yi matsakaici, amma wani daren ba a ga kowa ba, wani daren kuma bakwai su zo a jere. Injin buga littafi ya yi shafi hamsin lafiya lau, sannan a tarar da kuskure biyu a shafi ɗaya. Mai lura da irin wannan aiki yana son sanin abu biyu: sau nawa zai yi tsammanin ranar cunkoso, kuma yaushe ne hauhawar lamba take nuna cewa wani abu ya canja da gaske. Tsarin Poisson shi ne ma'aunin da ake amsa tambayoyin nan da shi, kuma lamba ɗaya tak yake nema daga hannunka, wato matsakaicin yawan faruwar abin a cikin tazarar da ka zaɓa.

Sunan na Siméon Denis Poisson ne, masanin lissafi na Faransa, wanda ya kawo tsarin a littafinsa na 1837 kan yiwuwar kuskure a hukunce-hukuncen kotu. Amma misalin da ya fito da amfaninsa fili ya zo ne a 1898, daga Ladislaus Bortkiewicz, wanda ya tattara adadin sojojin ƙasar Furushiya, a Jamus ta wancan zamani, da harbin doki ya kashe daga 1875 zuwa 1894. Da alƙalumansa za mu yi aiki, domin na gaske ne, kuma ba su fi ƙarfin fensir da takarda ba.

Ya ɗauki runduna goma, kowacce ya bi ta shekara ashirin. Ke nan yana da gurbi 200, kowane gurbi runduna ɗaya ce a shekara ɗaya. A gurbi 109 doki bai kashe kowa ba. A gurbi 65 mutum ɗaya ya mutu, a 22 mutum biyu, a 3 mutum uku, sai gurbi ɗaya rak da aka rasa mutum huɗu. Idan aka tara, 65 da 44 da 9 da 4, an sami mamata 122. A raba 122 gida 200, matsakaicin ya zama 0.61 ga kowace runduna a shekara. Wannan lambar ita ake kira lamda, ana rubuta ta da harafin Girkanci λ.

Tambayar ita ce: da wani ya ba mu 0.61 kaɗai, ya ɓoye sauran, za mu iya faɗin gurbi nawa ne za su fita babu mutuwa, nawa ne za su sami ɗaya, nawa biyu? Za mu iya. Hanyar kuwa ta ratsa ta tsarin bainomiyal, kuma ina ganin bai kamata a tsallake ta ba, domin duk sharuɗɗan da Poisson ke tafiya da su a cikin wannan hanyar aka haife su. Wanda ya haddace ƙa'idar bai bi hanyar ba, ranar da ƙa'idar ta yaudare shi ba zai gane ba.

Daga bainomiyal

Bainomiyal yana magana ne kan gwaji mai sakamako biyu, ko abin ya faru ko bai faru ba, wanda aka maimaita sau n. Yiwuwar faruwa a kowane gwaji ita ce p, ba ta canjawa, kuma sakamakon wani gwaji ba ya taɓa na wani. Yiwuwar a sami faruwa sau k daidai ita ce:

```
P(k) = C(n,k) × p^k × (1 − p)^(n − k)
```

C(n,k) shi ne yawan hanyoyin da za a zaɓi k daga cikin n. Alamar ^ tana nufin a ninka lambar da kanta sau adadin da ya biyo baya.

Matsalar ita ce harbin doki ba shi da n. Babu wanda ya ce doki zai gwada sau kaza a shekara. Don haka mu za mu ƙirƙiro n da kanmu, ta hanyar yanka shekara gunduwa-gunduwa. Mu fara da wata goma sha biyu. Mu ɗauka kowane wata gwaji ne guda: ko an yi mutuwa, ko ba a yi ba. Tunda matsakaicin shekara 0.61 ne, dole yiwuwar kowane wata ta zama 0.61 a raba gida 12, wato kusan 0.0508. Yiwuwar wata ya fita lafiya ita ce 0.9492. Yiwuwar duk wata goma sha biyun su fita lafiya kuwa ita ce 0.9492 a ninka da kanta sau 12, wanda ya ba da 0.5347.

Wannan amsa tana da aibi, kuma aibin a fili yake: mun hana wata ɗaya ɗaukar mutuwa biyu, alhali babu abin da ya hana. Maganin shi ne a ƙara yanka. A mako 52, p ta koma 0.0117, amsar ta zama 0.5414. A kwana 365, p ta koma 0.00167, amsar ta zama 0.5431. Da za a gangara zuwa awa, daga awa zuwa minti, amsar za ta tsaya a 0.5434 ta ƙi motsi. Ga yadda abin yake tafiya, har da yiwuwar mutuwa ɗaya:

```
n        p          P(0)     P(1)
12       0.0508     0.5347   0.3436
52       0.0117     0.5414   0.3342
365      0.00167    0.5431   0.3318
maƙura   → 0        0.5434   0.3314
```

A lura da abin da muke riƙewa da abin da muke saki. n yana girma, p tana ƙanƙancewa, amma n sau p bai taɓa barin 0.61 ba. Duk dabarar ke nan.

Yanzu mu ga dalilin da ya sa lambobin suka tsaya. A cire p a sa λ/n a madadinta, sannan a warware ƙa'idar gida huɗu:

```
P(k) = [λ^k / k!]
     × [n(n−1)…(n−k+1) / n^k]
     × (1 − λ/n)^n
     × (1 − λ/n)^(−k)
```

Alamar k! ita ce faktoriyal: 3! na nufin 3 sau 2 sau 1, wato 6, kuma an amince 0! ya zama 1.

Gida na farko babu n a cikinsa, saboda haka komai yankan da aka yi yana nan yadda yake. Gida na biyu kuwa, mu duba shi da k = 2. A wata goma sha biyu, 12 sau 11 ne a kan 12 sau 12, wato 0.917. A kwana 365, ya zama 364 a kan 365, wato 0.997. Yana tafiya zuwa 1, domin idan n ya yi girma, rage masa ɗaya ko biyu ba ya rage shi da komai. Gida na huɗu ma haka: 1.110 a lissafin wata, 1.003 a lissafin kwana, shi ma 1 ya nufa, domin lamba ce da ta kusa 1 aka ninka sau ƙalilan.

Gida na uku ne mai ban sha'awa, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Abin da ke cikin baka yana kusantar 1, sai mutum ya ce ai duka zai zama 1. Ba haka ba ne, domin yawan ninkin shi ma yana ƙaruwa daidai gwargwadon yadda abin cikin bakan yake matsowa. A gwada da λ = 1. Idan n biyu ne, rabi sau rabi, 0.25. Idan n goma ne, 0.9 sau goma a kanta, 0.3487. Idan ɗari ne, 0.3660. Maƙurarsa 0.3679, wanda shi ne 1 a raba da lambar nan e, mai darajar kusan 2.71828. Ga kowace λ, gidan nan yana ƙarewa ne a e^(−λ). Da λ = 0.61, shi ne 0.5434 ɗin da muka gani a teburi.

Gida biyu sun narke sun zama 1, saura biyu:

```
P(k) = e^(−λ) × λ^k / k!
```

Wannan shi ne tsarin Poisson. n ya tafi, p ta tafi, λ kaɗai ta rage. Abin da ya sa yake da amfani ke nan a inda ba wanda zai iya ƙidaya gwaji. Ba ka san sau nawa soja ya ratsa ta bayan doki a shekara ba, kuma ba ka buƙatar sani.

Gwada shi da alƙaluman Bortkiewicz

Ba sai an lissafa faktoriyal kowane lokaci ba. Akwai gajeriyar hanya: a samo P(0) da kalkuleta, sannan kowace yiwuwa ta gaba ita ce ta baya sau λ a raba da k.

P(0) ita ce 0.5434. A ninka da 0.61, an sami P(1), 0.3314. A ninka wannan da 0.61 a raba biyu, an sami P(2), 0.1011. A sake ninkawa da 0.61 a raba uku, P(3) ta zama 0.0206. Ta huɗu kuma 0.0031. Sai a ninka kowacce da 200 don a ga gurbi nawa ake tsammani:

```
k    an gani   Poisson
0    109       108.7
1    65        66.3
2    22        20.2
3    3         4.1
4    1         0.6
```

Daga lamba ɗaya muka fito da layi biyar, kuma babu layin da ya kauce da gurbi biyu cikakku. Layin ƙarshe ya fi ɗaukar hankalina. Rundunar da ta rasa mutum huɗu a shekara ɗaya, alhali matsakaici bai kai ɗaya ba, kowa zai ce akwai sakaci a wajen. Lissafi ya nuna cewa a cikin gurbi 200, samun irin wannan shekara guda ɗaya ba abin mamaki ba ne ko da babu abin da ya bambanta rundunar da sauran. Wannan bai wanke kowa ba. Abin da ya nuna shi ne lambar huɗu ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Mai aiki da kwamfuta zai sami duk wannan a Excel:

```
=POISSON.DIST(2, 0.61, FALSE)
=POISSON.DIST(2, 0.61, TRUE)
```

Layin farko yana ba da yiwuwar biyu daidai, na biyu kuma yiwuwar biyu ko ƙasa da haka. Ana yawan musanya su ba a sani ba, don haka a duba kalmar ƙarshe kafin a karɓi amsa.

Wani abu game da cewa abin ba ya yawan faruwa. Ba wai dole λ ta zama ƙarama ba. A 1910 Rutherford da Geiger sun ƙidaya ƙwayoyin alfa da ke fita daga sinadarin poloniyam a tazarori 2608, kowace daƙiƙa bakwai da rabi, suka sami matsakaici kusan 3.87, kuma ƙidayar ta bi Poisson sosai. Ƙarancin yana kan kowace ƙwayar zarra guda ne: suna da yawan da ba ya misaltuwa, amma yiwuwar wata takamaimiya ta fashe a cikin daƙiƙun nan ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Amfani da shi wajen shiri

Mu koma ɗakin haihuwa. A ce wata cibiyar lafiya ta duba rajistarta ta shekara ta ga mata masu naƙuda uku ne ke zuwa a dare, a matsakaici. Misali ne na ƙirƙira, amma lissafin na gaske ne. Da λ = 3, P(0) ita ce 0.0498. Ta gajeriyar hanyar nan, sauran su ne 0.1494, 0.2240, 0.2240, 0.1680, 0.1008, sai 0.0504 ga mata shida.

Idan aka tanadi gado uku saboda matsakaici uku ne, me zai faru? A tara yiwuwar sifili zuwa uku, an sami 0.647. Saura 0.353, wato a kusan dare 129 cikin 365 mata za su fi gadaje yawa. Da gado biyar, darare masu cunkoso sun ragu zuwa kusan 31. Da shida, kusan 12. A ɗaya gefen kuma, za a yi kusan dare 18 a shekara ba a ga kowa ba. Lissafin ba zai faɗa maka gado nawa za ka saya ba, wannan ya rataya ne kan kuɗi da nisan asibiti na gaba. Amma ya sa maka farashi a kan kowane zaɓi. Na ɗauka a nan cewa kowace mace tana riƙe gado dare ɗaya ne. Idan kwana biyu ake yi, tazarar da za a ƙidaya ta zama dare biyu, λ ta zama 6.

Wannan ya kawo mu ga ƙa'idar da ake mantawa: λ tana tafe da tazararta. Uku a dare, 21 ne a mako, 90 ne a wata mai kwana 30. Duk lokacin da aka canja tazara, a canja λ tukuna kafin a taɓa ƙa'idar. Yiwuwar a yi dare biyu a jere babu kowa ita ce e^(−6), kusan 0.0025.

Sai batun warwatsuwa. A bainomiyal, matsakaici np ne, bariyans kuma, wato ma'aunin yadda lambobi ke bazuwa nesa da matsakaici, shi ne np(1 − p). Da p ta tafi sifili, (1 − p) ya zama 1, sai su biyun suka haɗu a λ. Saboda haka a tsarin Poisson matsakaici da bariyans abu ɗaya ne, kuma kaucewar da aka saba gani ita ce √λ, lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da λ. Ga cibiyar nan, 90 a wata yana tafe da kaucewa ta kusan 9.5. Watan da aka ga 80 ko 100 ba labari ba ne. Watan da aka ga 125, an wuce matsakaici da fiye da ninki uku na kaucewar, ya kamata a tashi a bincika. Sau da yawa ana rubuta rahoto cewa abu ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari don ya tashi daga 4 zuwa 6, alhali kaucewar lamba 4 ita kanta 2 ce.

Ita ma λ ɗin da ka fitar daga rajista ƙiyasi ce. Bortkiewicz ya ƙidaya 122, kuma √122 kusan 11 ne, don haka 0.61 ɗinsa tana iya motsawa da kusan 0.055 sama ko ƙasa. Wanda ya gina λ a kan faruwa tara kacal, kaucewarsa uku ce, sulusin abin da ya ƙidaya. Idan kuma ba a ga komai ba sam, ba a cewa λ sifili ce. Mun ga ko da λ = 3 ana samun sifili sau ɗaya cikin ashirin. Shi ya sa masu bincike kan ce: idan ka duba abu n ba ka ga ko ɗaya ba, ainihin yawan yana iya kaiwa 3 cikin n. Wanda ya gwada kwalba 300 bai sami gurɓatacciya ba, abin da zai iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne gurɓatar da wuya ta wuce ɗaya cikin ɗari.

Idan n da p suna hannu

Wani lokaci ana da n da p na gaske, ana son Poisson ne kawai don sauƙin lissafi. A nan girman p ne abin dubawa. Ga hali uku, duk np = 3, Poisson kuma ya ce P(0) = 0.0498. Da n = 1000 da p = 0.003, bainomiyal ya ba da 0.0496. Da n = 100 da p = 0.03, ya ba da 0.0476. Da n = 10 da p = 0.3, ya ba da 0.0282, Poisson ya kusa ninka gaskiya. Littattafan koyarwa kan ce n ya kai 20 kuma p kada ta wuce 0.05. Akwai sakamako da ya fi wannan tsafta: kuskuren da za a yi a kowace yiwuwa da aka lissafa ba ya wuce p. Idan p ta yi girma, a bar Poisson a yi bainomiyal kai tsaye, Excel yana da `BINOM.DIST` don haka.

Inda yake karyewa

Mu tuna abin da muka ɗauka lokacin yanka shekara. Mun ba kowace gunduwa p iri ɗaya. Mun ce abin da ya faru a wata gunduwa bai shafi wata ba. Mun kuma ce idan gunduwa ta ƙanƙance sosai, abu biyu ba sa faɗawa cikinta tare. Duk inda Poisson ya gaza, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya faɗi.

Mafi hatsari shi ne faruwa a dunƙule. A ce an ƙidaya waɗanda suka mutu a haɗarin mota a wata hanya tsawon mako goma, aka sami 0, 0, 1, 0, 14, 0, 2, 0, 0, 3. Jimla 20, matsakaici 2. Poisson mai λ = 2 zai ce mako ɗaya ko biyu ne cikin goma za su fita babu mutuwa, ga shi an sami shida. Zai kuma ce yiwuwar 14 ko fiye ba ta kai ɗaya cikin miliyan 30 ba, ga shi ta faru. Dalili a bayyane yake: bas ɗaya ce ta kife da mutum goma sha huɗu. Komai ƙanƙantar gunduwar lokaci, mutanen nan tare suka faɗa cikinta. Gyaran shi ne a ƙidaya haɗurra, a bar yawan mamatan kowane haɗari ya zama lissafi na daban. Haka a ɗakin haihuwa, naƙuda ake ƙidayawa, domin tagwaye tare suke zuwa. Cuta mai yaɗuwa irin kwalara ko ƙyanda kuwa ta karya sharaɗi na biyu: mutum ɗaya da ya kamu yana ƙara yiwuwar na kusa da shi.

Rami na biyu ya fi ɓoyuwa, wato λ mai canjawa. A ce wani abu yana zuwa ɗaya a dare rabin shekara, biyar a dare ɗaya rabin, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke bin damina. Matsakaicin shekara uku ne, daidai da misalinmu na baya. Amma darare masu bakwai ko fiye ba 12 ba ne yanzu, kusan 43 ne, kuma kusan dukkansu a lokaci ɗaya na shekara za su taru. Wanda ya yi shiri da λ = 3 zai sha wuya wata shida, ya yi zaman banza wata shida. Gyaran shi ne a raba bayanan, kowane yanayi da λ tasa, haka ranar kasuwa da sauran ranaku, haka dare da rana. Bortkiewicz kansa ya yi hakan. Runduna goma sha huɗu ya tattara, ya ware huɗu da tsarinsu ya bambanta, goman da suka yi kama da juna su ne suka ba da teburin da muka gani.

Yaya za a gane an shiga ɗaya daga cikin ramukan nan? A lissafa bariyans a kwatanta da matsakaici. Hanyar ita ce: a ninka kowace lamba da kanta, a tara, a raba da yawan gurabe, sannan a cire matsakaici sau kansa. A alƙaluman doki, 65 sau 1, da 22 sau 4, da 3 sau 9, da 1 sau 16, jimla 196. A raba gida 200, 0.98. A cire 0.61 sau 0.61, wato 0.372, saura 0.608. Matsakaici 0.61, bariyans 0.608, sun zauna kafaɗa da kafaɗa. A misalin hanya kuwa, 1 da 196 da 4 da 9 sun ba da 210, a raba goma 21, a cire 4, saura 17. Bariyans ya ninka matsakaici fiye da sau takwas. A misalin damina da rani, bariyans 7 ne a kan matsakaici 3.

Ba a tsammanin su daidaita cif. Idan aka raba bariyans da matsakaici, amsar tana yawo kusa da 1, kuma faɗin yawon ya danganta da yawan gurabe N, kusan √(2/(N − 1)). Da gurbi 200, wannan 0.1 ne, saboda haka duk abin da ya faɗa tsakanin 0.8 da 1.2 ba ya tayar da hankali. Da gurbi 30 kuwa faɗin ya kai 0.26, sai amsa ta wuce 1.5 kafin a fara zargi. Da gurbi goma gwajin ba ya kama komai sai ɓarna babba irin ta bas ɗin nan.

Idan bariyans ya yi ƙasa da matsakaici sosai, wani abu ne ke jera faruwar: alƙawarin ganin likita da aka tsara, jirgin da ke tashi bisa jadawali, ko na'urar ƙidaya da ke ɗan suma bayan kowane bugu har ta rasa na biye da shi. Wani lokacin kuma alama ce cewa mai cika rajista yana rubuta lambar da ya ga ta dace, domin mutum idan zai ƙirƙiri lambobi yakan ji nauyin rubuta sifili ko bakwai, sai ya yi ta zagaye uku. Idan bariyans ya yi sama, aka raba bayanan bisa yanayi, aka koma ƙidayar dunƙule a madadin ɗaiɗaiku, amma har yanzu bai sauko ba, to lamba ɗaya ba ta isa bayanan ba. A nan ake komawa tsarin bainomiyal na korau, wanda ke da lamba ta biyu da ke ɗaukar nauyin ƙarin warwatsuwar, ana kuma ƙiyasta ta daga matsakaici da bariyans ɗin da aka riga aka lissafa.